Yadda Ƙanƙara ta koma Æ˜anÆ™ara a Excel, da hanyar da na bi na dawo da ita

Aikin rajistar manoma ne na wata ƙungiyar gama-kai a kudancin Katsina. Masu ɗaukar bayanai sun zaga ƙauyuka da wayoyinsu, suna shigar da suna, gari, lambar waya, lambar asusun banki, amfanin gona da irin ɓarnar da aka samu a gona, duk a cikin wata manhajar tattara bayanai. Da aka kammala, na shiga shafin manhajar na sauke komai a matsayin fayil ɗin CSV, layi kimanin 1,200. A shafin manhajar rubutu lafiya lau yake, kowace ƙugiya na wurinta. Da na danna fayil ɗin sau biyu Excel ya buɗe shi, sai ga Ƙanƙara ta zama `Æ˜anÆ™ara`, Ɗanja ta zama `ÆŠanja`, gyaɗa ta zama `gyaÉ—a`, kuɗin da aka rubuta da alamar naira ya fito da `â‚¦` a gabansa. Malumfashi da Bakori da masara kuwa ko ƙwarzane babu. Gaban mutum dole ya faɗi, domin abin da ke fara zuwa rai shi ne aikin makonni ya lalace. Bai lalace ba. A wannan matakin fayil ɗin ƙalau yake, karatun da aka yi masa ne ba daidai ba, kuma duk ɓarnar gaske tana faruwa ne bayan nan, lokacin da wani ya danna `Save`.

Abin da na fara yi shi ne rufe Excel ba tare da na adana komai ba, na kwafi fayil ɗin zuwa wata jaka na sa masa suna na asali, na ƙudurta ba za a sake taɓa wannan kwafin ba. Daga nan na danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, na zaɓi `Open with`, na buɗe shi da Notepad. Nan take Ƙanƙara ta dawo Ƙanƙara, gyaɗa ta dawo gyaɗa, a can ƙasan tagar daga dama kuma an rubuta `UTF-8`. Wannan gwajin bai kai minti ɗaya ba, amma shi ne ya raba gardama. Idan Notepad ya nuna rubutu daidai, manhajar ta yi aikinta, babu dalilin kiran masu ita ko komawa ƙauye. Idan ko a Notepad ma rubutun a hargitse yake, to an riga an ɓata fayil ɗin kafin ya iso gare ka, wannan wata matsala ce dabam da zan zo kanta.

Sai an fahimci dalilin kafin gyaran ya zauna a kai. Fayil ɗin CSV ba ya ɗauke da haruffa, lambobi ne zalla a jere, kowace ana ce mata bayit, daga 0 zuwa 255. Mai buɗe fayil shi ne ke ɗauko jadawalin da zai fassara lambobin zuwa haruffa, kuma CSV ba shi da wurin da yake rubuta wane jadawali aka yi amfani da shi. Manhajojin waya da na intanet kusan duka da UTF-8 suke rubutu. A wannan tsarin, haruffan Turanci na yau da kullum bayit ɗaya suke ci, haruffanmu masu ƙugiya kuwa biyu-biyu. Ƙaramin ƙ, misali, bayit biyu ne, `C6` da `99`. Shi kuwa Excel na Windows, idan aka danna CSV sau biyu kuma bai ga wata alama a farkon fayil ɗin ba, yana ɗauko tsohon jadawalin da aka saita wa kwamfutar, wanda a kwamfutocinmu masu Turanci ko Faransanci Windows-1252 ne. Wannan jadawalin bayit ɗaya harafi ɗaya ya sani. Sai ya karanta `C6` a matsayin Æ, ya karanta `99` a matsayin ™, ƙ ɗaya ta rabu gida biyu. Lambobi 128 na farko iri ɗaya ne a jadawalan biyu, shi ya sa Bakori ta tsira.

Da zarar an gane haka, hargitsin yana da tsari, har ana iya karanta shi. Duk inda aka ga `Æ™` ƙ ce, `É—` ɗ ce, `É“` ɓ ce. Manyan su ne `Æ˜` na Ƙ da `ÆŠ` na Ɗ. Wanda ya yi rubutu da ƙa'idar Nijar, ƴ ɗinsa za ta fito `Æ´`. Alamar naira bayit uku ce, shi ya sa ta fito haruffa uku. Akwai kuma wani abu da ya ɗaure min kai na ɗan lokaci: Sa'adu ya fito daidai a wasu layuka, a wasu kuma `Saâ€™adu`, a wasu `SaÊ¼adu`. Ashe wayoyin masu ɗaukar bayanai ba alama ɗaya suke bugawa ba. Miƙaƙƙiyar alamar da ke kan madannin kwamfuta bayit ɗaya ce, ba ta canjawa, mai lanƙwasa da wasu wayoyi ke sakawa da kansu bayit uku ce, ta ukun kuma wadda wasu madannan Hausa ke bayarwa bayit biyu ce. A ido kusan ɗaya suke, a wurin kwamfuta haruffa uku ne daban-daban.

Mataki na gaba shi ne shigo da fayil ɗin ta hanyar da Excel zai tambaye ka kafin ya karanta. Na buɗe Excel da fankon shafi, ban taɓa fayil ɗin ba, na je `Data`, na danna `From Text/CSV`, na zaɓi fayil ɗin. Wata taga ta buɗe tana nuna layukan farko, da akwatunan zaɓi uku a samanta. Na farko shi ne `File Origin`. Wani lokaci Excel kan canki daidai da kansa, wani lokaci za ka tarar da `1252: Western European (Windows)`. Na buɗe jerin na gangara na zaɓi `65001: Unicode (UTF-8)`, ina kallo rubutun da ke tagar ya miƙe. Akwati na biyu `Delimiter` ne, na bar shi a `Comma` tunda waƙafi ne ke raba bayanan. Na ukun, `Data Type Detection`, shi ne wanda mutane ke tsallakewa, kuma tsallake shi na da tsada. Na mayar da shi `Do not detect data types`, sannan na danna `Load`. Wanda ke da tsohon Excel, irin na 2010 ko 2013, zai ga `From Text` a maimako. Akwatin `File origin` yana shafin farko na tagar da za ta buɗe, a shafi na uku kuma sai ya zaɓi layukan tsaye na lambobi ya sa musu `Text`.

Dalilin wannan akwati na uku ba shi da alaƙa da haruffa, amma tare suke zuwa. Idan aka bar Excel ya yi hukunci, zai ɗauki lambar waya a matsayin adadi, ya jefar da sifirin farko, lamba 11 ta koma 10. Lambar asusun banki mai 10 da ta fara da sifiri biyu sai ta koma 8. Lambar wayar da aka rubuta da 234 a gabanta ta kai 13, sai a nuna ta kamar `2.34803E+12`, kuma idan aka adana CSV a haka, wannan guntun shi za a rubuta a fayil, sauran lambobin sun tafi. Duk adadin da ya wuce lamba 15, Excel na mayar da na ƙarshensa sifiri. A aikin da za a tura wa mutane kuɗi, asarar sifiri ta fi asarar ƙugiya muni, domin ita ƙugiya ido na ganinta, lambar asusu mai guntu kuwa sai banki ya dawo da ita.

Bayan shigowar ban yarda da idona kaɗai ba. Na danna `Ctrl+F` na nemi Æ da É da â ɗaya bayan ɗaya, babu ko ɗaya. Sannan na gwada wani gida da ke ɗauke da Ƙanƙara da waɗannan:

```
=LEN(B2)
=UNICODE(LEFT(B2,1))
```

Na farko ya ba da 7, adadin haruffan kalmar ke nan. Da a hargitse take, 9 zai bayar. Na biyu ya ba da 408, lambar Ƙ ta gaskiya, ita kuwa Æ 198 ce. Da na gamsu, na adana aikin a matsayin `Excel Workbook (*.xlsx)`. Wannan nau'in yana ɗauke da bayanin tsarinsa a cikinsa, duk wanda ya danna shi sau biyu zai ga rubutu daidai da sifirinsa. A ganina, muddin mutum ne zai karanta ba wata na'ura ba, babu dalilin tura masa CSV.

Da aikin ya tsaya nan da sauƙi, amma kafin fayil ɗin ya zo hannuna an riga an tura kwafinsa ta WhatsApp ga sakataren ƙungiyar da wasu shugabannin shiyya, don su cike wasu guraben da hannu. Na jira suka dawo da nasu, kowanne da irin cutarsa. Kwafi na farko an buɗe shi a hargitse, an yi aiki a kansa, an adana shi xlsx. A nan hargitsin ya zauna daram, Æ da ™ sun zama haruffa na gaske a cikin fayil, babu wani `File Origin` da zai gyara su. Kwafi na biyu an adana shi a hargitse da `CSV UTF-8`, wani ya sake danna shi ta wata manhajar da ta sake karanta shi da tsohon jadawali, ƙ ɗaya ta zama haruffa biyar, `Ã†â„¢`. Ganin Ã da yawa a jere alama ce ta an yi kuskuren sau biyu. Kwafi na uku shi ne mai ban takaici, kuma wanda ya yi shi ya fi kowa iya aiki: ya shigo da fayil ɗin daidai, ya gyara, sannan ya adana da `CSV (Comma delimited)`, wato na zalla wanda babu UTF-8 a sunansa. Wannan zaɓin yana rubutu da tsohon jadawali, wanda babu ƙ ko ɗ ko ɓ a cikinsa, don haka Excel ya sa alamar tambaya a madadinsu. Ƙanƙara ta zama `?an?ara`, riɗi ya zama `ri?i`.

Bambancin waɗannan kwafin shi ne abin da ya fi cancanta a riƙe. Na farko da na biyu suna gyaruwa, domin bayanin na nan, sutura kawai ya canja. Na uku ba ya gyaruwa ta kowace dabara, saboda ƙ da ɗ da ɓ duk sun koma alama ɗaya, babu abin da ya rage da zai nuna wacce ce wacce. A sunan gari mutum zai iya cankar abin, amma `?ari` na iya zama ƙari, ɗari ko ɓari. Wani mai shagon buga takardu ya ce zai sake buga jerin gaba ɗaya a biya shi shafi-shafi. Ban ga amfanin haka ba, tunda na asali na nan. Abin da na yi shi ne na ɗauki sunaye da garuruwa daga fayil na asali, na ɗauko guraben da aka cike kawai daga kwafi na uku, na haɗa su ta lambar rajistar kowane manomi da `VLOOKUP`. Lambar rajista ba ta da ƙugiya, ba abin da ya same ta. Wanda zai nemi alamun tambaya a Excel ya rubuta `~?` a akwatin bincike, domin `?` ita kaɗai tana nufin kowane harafi, za ta kamo masa shafin duka.

Kwafi na farko na gyara shi da `Ctrl+H`. Abubuwa biyu ne suka sa ya tafi daidai. Na sa alama a `Match case` a ƙarƙashin `Options`, kuma ban buga hargitsattsun haruffan da hannu ba, na kwafo su daga cikin gidan da suke. Layin da ke cikin `É—` ba ƙaramin jan layin madanni ba ne, alamar da ke cikin `É“` ma ba ta madanni ba ce, in ka buga naka Excel zai ce bai samu komai ba. Na bi su ɗaya-ɗaya, ƙ, ɗ, ɓ, Ƙ, Ɗ, alamar naira da alamun hamza biyu. Babbar Ɓ ce ta ba da wahala. A gurbin ɓarna an rubuta Ɓeraye, ya fito `Æeraye`, kamar harafi ɗaya ne ya canja. Bayit na biyu na Ɓ shi ne `81`, ɗaya daga cikin gurabe biyar da Windows-1252 bai ba su harafi ba, don haka yana nan amma ba ya bayyana. `LEN` ya ba da 7 a kalma mai haruffa 6, wannan ya tona shi. Na cire shi da wannan, na ja shi ƙasa, sannan na manna sakamakon da `Paste Values`:

```
=SUBSTITUTE(F2,UNICHAR(198)&UNICHAR(129),UNICHAR(385))
```

Kwafi na biyu ma ta `Ctrl+H` ya gyaru, sai dai guntayen da ake nema sun fi tsayi. A wuraren da ke da sunayen Faransanci, irin na Maraɗi ko Damagaram, a yi hattara da É, domin harafi ne na gaske a can. Kada a taɓa maye gurbinsa shi kaɗai, sai tare da abin da ke biye da shi.

Da yake masu cike gurabe za su ci gaba da karɓar sabon fayil duk lokacin da aka ƙara rajista, kuma na san danna sau biyu za su yi, sai na koma kan alamar nan da Excel ke nema a farkon fayil. Sunanta BOM, bayit uku ne, `EF BB BF`, ba a ganinsu, amma idan Excel ya tarar da su ya san UTF-8 ne. Saka ta ba wuya: a buɗe fayil ɗin da Notepad, a je `Save As`, a akwatin `Encoding` da ke kusa da maɓallin adanawa a zaɓi `UTF-8 with BOM`, a ba shi sabon suna. A lura da sigar Windows. A Windows 7 zaɓin `UTF-8` da kansa yana sa alamar, amma daga sabuntawar Windows 10 ta 2019 an raba su biyu, `UTF-8` zalla ba ya sa ta. Shi ya sa tsofaffin bayanai ke cewa a adana da UTF-8 kawai, mutum ya yi, ya ga babu abin da ya canja. Mai Notepad++ zai je `Encoding` ya zaɓi `Convert to UTF-8-BOM`. Wanda ke rubuta lambar da ke fitar da fayil da Python, kalma ɗaya zai canja:

```
open("manoma.csv", "w", encoding="utf-8-sig", newline="")
```

Sai dai BOM haruffa kaɗai take ceta. Na gwada, ƙugiyoyi sun fito tsaf, sifirin lambobin waya kuwa ya tafi kamar da. Don haka fayil mai lambobin asusu ko na waya, xlsx na ci gaba da tura musu.

Mataki na ƙarshe shi ne ɗora jerin a shafin hukumar da za ta yi rabon kuɗin, wanda CSV kaɗai yake karɓa. Na adana da `CSV UTF-8 (Comma delimited)`, zaɓin da ke cikin sababbin sigogin Excel, na ɗora, na jira ya gama juyawa, sai ya ce bai ga layin tsaye mai suna `id` ba, alhali shi ne na farko. Wannan zaɓin na Excel yana sa BOM da kansa, shi kuma shafin bai san da ita ba, ya haɗa ta da kalmar farko. A wasu wuraren har ana ganinta ƙuru-ƙuru kamar `ï»¿id`. Na buɗe fayil ɗin da Notepad, na adana shi da `UTF-8` zalla, na sake ɗorawa, ya shige. Tun daga nan kwafi biyu nake ajiyewa, mai BOM don Excel, marar BOM don ɗorawa, da bambancin a rubuce a sunan kowanne. Kuma bayan an adana CSV na ɗorawa, da Notepad ake duba shi. Sake danna shi sau biyu don a tabbatar zai nuna hargitsi da guntayen lambobi ko da fayil ɗin lafiya yake.

Akwai alamu biyu da ke kama da wannan matsalar amma ba ita ba ce, na ci karo da su a kwamfutocin shugabannin shiyya. Idan harafi ya fito a matsayin fankon akwati, rubutun daidai yake, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da zanen ƙ, a canja shi zuwa Arial ko Times New Roman na Windows na yanzu. `UNICODE` zai ba da lambar da ta dace ko da ido bai ga harafin ba. Idan kuma baƙar alama mai kusurwa huɗu da alamar tambaya a ciki ta fito, `�`, akasin matsalarmu ce: fayil na tsohon jadawali aka karanta da UTF-8, sai a koma `File Origin` a zaɓi 1252. A kwamfutar da aka saita da Faransanci, ana iya ganin layi duka ya cunkushe a layin tsaye na `A`, domin can Excel alamar `;` yake jira a matsayin mai rabawa, sai a gyara a `Delimiter`.

Wanda ba shi da Excel bai yi asara ba. LibreOffice Calc kyauta ne, kuma duk lokacin da aka buɗe CSV yana fito da tagar tambaya, inda za a sa `Character set` a `Unicode (UTF-8)`, a danna kan layin lambobi a mayar da `Column type` zuwa `Text`. Google Sheets yana karanta UTF-8 kai tsaye ta `File` sannan `Import`, a cire alamar da ke kan `Convert text to numbers, dates, and formulas` don sifiri ya tsira, sannan a sauke shi xlsx. Ko da komai ya fito daidai, da na tace jerin da sunan gari na tarar da Ƙanƙara, Kankara da K'ank'ara a matsayin garuruwa uku. Wannan daga hannun masu bugawa ne, babu jadawalin da zai haɗe su, sai da na bi su da `Ctrl+H`, sannan muka mayar da gurbin gari a manhajar ya zama jerin zaɓi maimakon a buga da hannu.